Shekara guda ina biya, amma bashin ya ƙi motsi

Malam Sani: Assalamu alaikum. Na karɓi rancen 1,000,000 a kan ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, zan biya cikin shekara 20, kuma kowane wata ana cire mini 11,011. Da shekara ta zagayo na lissafa cewa na biya kusan 132,000, amma da na nemi bayanin abin da ya rage sai aka ce mini 987,180 ne. Ke nan abin da ya sauka bai kai 13,000 ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali su faɗa mini ko haka abin yake.

Alhaji Garba: Wa'alaikumus salam. Haka yake, ni ma na gani a rancen gidana. A fahimtata, mai ba da rance yakan fara kwashe ribarsa ne tun da wuri, domin ko ka gaza daga baya ya riga ya samu nasa.

Malama Hadiza: Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, amma dalilin ba shi ne ba. Na daɗe ina shirya irin wannan jadawali a wurin aiki, kuma babu wani layi a cikinsa da ake gabatar da riba da gangan. Kuɗin ruwan kowane wata ana lissafa shi ne a kan abin da ya rage na uwar kuɗi a lokacin. Kashi 12 a shekara kashi 1 ne a wata, don haka a watan farko ruwan Malam Sani 10,000 ne, abin da ya saura daga 11,011 ɗin, wato 1,011, shi kaɗai ya taɓa uwar kuɗi. A wata na biyu bashin ya zama 998,989, ruwansa ya sauka zuwa 9,990, sai 1,021 ya tafi ga uwar kuɗi. Tunda abin da ake biya a wata ba ya canzawa, duk abin da ruwa ya rage ci, uwar kuɗi ce ke samunsa, sai dai da farko sauyin na tafiyar hawainiya ne. Idan ka bi jadawalin za ka ga cewa sai a wata na 172, bayan shekara 14 ke nan, kason uwar kuɗi zai fara rinjayar na ruwa, kuma ko a tsakiyar wa'adin za a ci gaba da bin ka kusan 767,000.

Hajiya Binta: Ni kuwa ban ga haka ba. Adadinmu ɗaya, ruwanmu ɗaya, amma tun daga watan farko fiye da rabin abin da nake biya uwar kuɗi yake ragewa. Anya ba kuskure aka yi wa Malam Sani ba?

Malama Hadiza: Hajiya, shekara nawa ne wa'adinki?

Hajiya Binta: Shekara 5, ina biyan 22,244 a wata.

Malama Hadiza: To, a nan bambancin yake. Ruwanki na watan farko shi ma 10,000 ne, daidai da nasa, amma da yake kina biyan ninkin abin da yake biya, 12,244 ke sauka a kan uwar kuɗi. Tsawon wa'adi da girman ruwa su ne ke sa biyan farko ya zama kusan duk ruwa.

Alhaji Garba: Na karɓi gyara, ko da yake ga mai biya ciwon ɗaya ne. Akwai abin da zan ja hankalin Malam Sani a kai idan yana da niyyar ƙara wani abu a kan biyan wata. Na taɓa kai ƙarin kuɗi da nufin rage bashi, sai aka rubuta shi a matsayin biyan watanni masu zuwa, ba a zabtare shi daga uwar kuɗi ba. Na gane ne da na ga ruwan watan da ya biyo baya ya zo daidai da abin da ke cikin tsohon jadawali. Sai da na rubuta takarda na fayyace abin da nake nufi kafin aka gyara, aka ba ni sabon jadawali.

Malama Hadiza: Wannan jan hankali ya dace. A irin rancen Malam Sani, 50,000 da aka sauke a kan uwar kuɗi tun a farko kan rage wa'adi da kusan wata 40, muddin biyan wata bai canza ba. Amma a duba yarjejeniya tukuna, domin wasu masu ba da rance sukan ci tara idan an biya kafin lokaci.

Malam Sani: Na duba tawa, akwai tarar. An kuma ce idan na ƙara kuɗi zan zaɓi ko a rage mini wa'adi ko a rage abin da nake biya a wata. Na ga rage wa'adi ya fi rage jimillar ruwa, amma albashina ba ya ba ni sarari sosai. Akwai wanda ya zaɓi na biyun ya ba mu labarin yadda ta kasance?