Yaya zan jera littattafaina, kuma in san wa na ba aro?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Littattafaina sun kusa ɗari uku, duk a cakuɗe. Ina so in jera su fanni-fanni. Ga ƙawaye suna ara, sai na tashi nema in rasa wa na ba. A taimaka da shawara.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Hajiya, na daɗe ina aikin laburare, amma ba zan ce ki ɗauko tsarin Dewey gaba ɗaya ba. Shi ya kasa ilimi gida goma, kowane gida da lambarsa, kamar addini 200, adabi 800, tarihi 900, kuma don dubban littattafai aka yi shi. Ki sauke naki ƙasa ki kasa su yadda kike nemansu, kashi shida ko bakwai, kowane kashi da harafinsa: T tarihi, L labarai, K kiwon lafiya. Sai ki ba kowane littafi lamba a cikin kashinsa, ki rubuta da fensir a bangon ciki, ki kuma manna 'yar takarda a gefen da ake gani idan an jera. Littafin da ya shiga fanni biyu, kamar tarihin magunguna, ki sa shi inda hannunki zai fara zuwa. Kuma kada ki cika kanta maƙil, ki bar wa sababbi fili kamar tafin hannu.

Anti Larai: Ni dai hoton mai aro nake ɗauka da littafin a hannunta. Shi ke nan.

Baban Ummi: Yana taimakawa, Anti, sai dai hoton kan nutse cikin waya, kuma ba ya nuna an dawo da shi ko ba a dawo ba. Gara littafin rajista guda, da kati. A ce ƙawa ta ɗauki T-14: a rajista ki rubuta lambar, sunanta, ranar ɗauka da ranar da ta ce za ta dawo da shi. Sai ki yanki kwali mai ɗan tsawo, ki rubuta T-14 da sunanta, ki soka a gurbin littafin. Kullum kika wuce, kwalin na leƙo ki. Idan kuwa kika ga T-13 da T-15 sun haɗu babu kwali a tsakani, to an ɗauka ba a rubuta ba.

Ɗan Auta: Yaya, ki daina bayarwa kawai, ki huta.

Maman Hanif: Ƙanena, ai ba zan iya ba. Malam, wa'adin fa? Kunyar tambaya nake ji.

Anti Larai: Wata ɗaya, kuma ba na ba da na biyu sai na farko ya dawo.

Baban Ummi: Ni ba na yanka wa'adi, ita nake bari ta faɗi rana da bakinta, tuna mata ya fi sauƙi. Mai juzu'i da yawa ne kawai ba ya fita, a karanta shi a nan.

Anti Larai: Malam, wadda ta ce "sai na gama" fa?