Waƙoƙin yara sun cinye min Wrapped: wa ya taɓa gwada Private session?

Maman Hanif: Salamu alaikum jama'a. Wrapped ɗina na Spotify, wato taƙaitawar abin da na saurara a shekara, ya fito a farkon Disamba, waƙoƙi biyar na sama duk na yara ne, saboda kullum wayata na hannunsu. Abin ya dame ni, don shekarar nan na saurari abubuwa da yawa da nake son gani. Wa ya shawo kan irin wannan?

Abba Fagge: Hajiya ki riƙa sauke musu waƙoƙin ki kashe data. Abin da aka ji babu intanet ba ya shiga.

Malam Sani: A'a Abba, yana shiga. Wayar tana ajiye lissafin, da an kunna data sai ta tura. Ni a mota nake yawan saurare babu intanet, kuma duk sun fito min.

Hajiya, da zarar waƙa ta wuce daƙiƙa 30 an ƙirga ta sau ɗaya, kuma jerin waƙoƙin sama yawan maimaitawa yake bi. Waƙar yara mai minti 2, in suka juya ta sau 10, minti 20 ke nan amma ƙirge 10. Ke kuma kin zauna kin ji waƙa mai minti 20 sau ɗaya, ƙirge 1. Haka suka kayar da ke.

Kafin ki miƙa musu wayar, ki shiga Settings, ɓangaren sirri, ki kunna Private session. Abin da aka ji a ciki ba ya hawa jerin sama, sai dai mintunan suna shiga jimillar shekara. Ki kula, yana kashe kansa bayan awa 6, don haka kullum sai kin sake kunnawa.

Zee: Wannan kashe kan ne ya cuce ni. Na kunna sau ɗaya a Ramadan, na zaci shi ke nan. Ban so karatun da nake ji tsakanina da Ubangijina ya fito a abin da ake yaɗawa a status ba, sai ga shi ya fito. Yanzu playlist guda na tara su, na danna ɗigo ukun nan na zaɓi Exclude from your taste profile, wato a cire shi daga lissafin abin da nake son ji. Wannan ba ya kashe kansa.

Maman Hanif: Na gode. To in na cire playlist ɗinsu yanzu, abin da suka riga suka ji zai goge?

Malam Sani: Wanda ya fito dai ya fito. Lissafin daga 1 ga Janairu yake farawa, a rufe makonni kaɗan kafin fitowarsa, don haka ki fara da sabuwar shekara.

Zee: Ni a watan Yuni na cire nawa, kuma wani abu ɗaya na farkon shekara ya leƙo. Wataƙila a wajen playlist ɗin na riƙa kunna shi. Akwai wanda ya cire a tsakiyar shekara ya ga ya fita tas?