Waɗanda suka sayi sulallan gwal ko na azurfa lokacin korona: nawa aka ɗora muku a kan farashin allo?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa sayen sulallan gwal irin su Krugerrand ko Eagle da hannunsu, musamman a watan Maris na 2020. Ni a lokacin ina Houston. Farashin oza guda ta gwal ya faɗo daga wajen dala 1,680 zuwa ƙasa da 1,500 cikin kwana goma, na ce to ga dama ta samu. Da na shiga shafin dillalin da na saba da shi, abin da suke rubutawa `spot`, wato farashin allo, yana nuna 1,500, amma sulalla ɗaya mai oza guda 1,650 ce, kuma sai na jira sati uku kafin ta iso. Watanni kaɗan kafin nan ɗorin bai fi dala 60 ba. Farashi ya sauka, ɗori ya hau. Kowa ya ba mu abin da ya gani a inda yake.

Hajiya Maman Walida:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba sabon abu ba ne, kuɗin aiki ne. Mu nan Kano in za ki sayi sarƙa ana gaya miki kuɗin giram, sannan a ɗora na ƙira, ranar da kika zo sayarwa kuma a cire shi tas. Ni shi ya sa na daina sayen sarƙa mai ado da yawa, na koma irin sulallan nan na giram takwas da ake kawowa daga Saudiyya.

Malam Sabo Deira:
Hajiya kin kama gefe ɗaya, amma kuɗin ƙira ba ya ninkuwa cikin mako guda, shi kuwa abin da Baban Ilham ke faɗa ya ninka. Na daɗe ina harkar nan a kasuwar gwal ta Dubai, bari in faɗi yadda na san abin.

Lambar da kuke gani a waya farashin Landan ne, kuma na manyan sanduna ne masu oza 400, wato kilo goma sha biyu da ɗoriya, waɗanda ke kwance a rumbunan bankuna. Akasarin cinikin ma sandar ba ta motsawa, sunan mai ita kawai ake sauyawa a littafi. Kafin wannan sanda ta zama sulalla a tafin hannunka sai an narka ta, an murza, an yanka faifai, an buga tambari, an yi inshora, an ɗauko a jirgi, babban dillali ya ci, ƙarami ya ci. Gidan buga kuɗi na Amurka ma ba ya sayar wa mutum ɗaya irin waɗannan sulalla, wasu 'yan manyan dillalai yake ba wa, kuma a lokacin tun daga ƙofarsa akwai kashi 3 cikin ɗari a kan Eagle mai oza guda. Mai kashi ɗaya bisa goma na oza kuwa kashi 9 ne, don wahalar buga ƙarama da babba kusan ɗaya ce. To a kwanan lafiya in ka ga kashi 4 ko 5 a kan oza guda, ba a cuce ka ba.

Kamar buhun gero ne a Dawanau da mudu a shagon unguwa ranar da aka sa dokar hana fita. Buhu na iya yin araha a can saboda masu shi na neman kuɗi ido rufe, mudu kuma ya yi tsada a nan saboda babu motar da za ta kawo.

Ɗan Agadas:
Ni dai ban yarda ba. Haɗama ce kawai. Sun ga mutane sun firgita suka yanka musu wuƙa. Kayan da ke cikin shagonsu ai tun da araha suka saye shi.

Malam Sabo Deira:
Akwai masu haɗama, ban musa ba. Amma dillali ba ya duba nawa ya saya, yana duba nawa zai mayar da irinta a gurbinta gobe. Ranar 23 ga Maris ɗin nan manyan matatun gwal uku na yankin Ticino a Switzerland, wato Valcambi da PAMP da Argor-Heraeus, suka rufe saboda cutar ta yi tsanani a maƙwabciyarsu Italiya. Gidan buga kuɗi na Kanada ya tsayar da aiki na mako biyu. Gwal kuma yawanci a cikin jiragen fasinja ake ɗaukarsa, jiragen sun zauna. Har tsakanin New York da Landan, manyan kasuwanni biyu da bambancinsu ba ya wuce 'yan daloli, sai da aka ga tazarar da ta kai dala 70 a oza. In manya sun kasa daidaita farashinsu, ina ga mai shago?

Ga abin da zai ba ka mamaki: a daidai wannan lokacin, a China gwal ƙasa da farashin Landan ake sayar da shi, don can masu saye ne suka ɓace. Ƙarfen ɗaya ne, inda yake da siffar da yake ciki ne suka bambanta.

Ummu Sudais:
Ni azurfa na saya, a Bronx, kuma abin ya fi na gwal muni nesa ba kusa ba. Ranar 18 ga Maris azurfa ta faɗi ƙasa da dala 12. Na kira shago, mutumin ya ce Eagle ta azurfa dala 23, kuma ba zai ba mutum ɗaya fiye da ashirin ba. Na ce masa kusan ninki biyu fa ke nan, ya ce in na samu mai sayarwa a 15 in kawo masa, shi zai saye duka. Na saya goma don kar in tashi a tutar babu. Wata ƙawata ta tsaya sai ɗorin ya sauka, ba ta saya ba har azurfa ta kai wajen 29 a watan Agusta.

Baban Ilham:
Ummu Sudais, maganar mai shagon nan ta tsaya mini a rai. Ashe shi ma sama da allo yake saye?

Injiniya Bashir:
Nan ne ma'aunin yake, Baban Ilham, kuma shi zan ba Ɗan Agadas amsa da shi. In kana son ka san ko ƙarancin kaya ne na gaske ko yankan kai ne, kar ka tsaya a tambayar nawa yake sayarwa, ka tambaye shi nawa zai saya a hannunka yanzu-yanzu. In yana sayarwa kashi 10 sama da allo kuma zai karɓa a kashi 5 ko 6 sama, to da gaske babu kaya. In yana sayarwa kashi 10 sama amma zai karɓa ƙasa da allo, ka ɗauki jakarka ka fita.

A kwanan lafiya wani kaso mai yawa na abin da shago ke sayarwa daga hannun mutane yake dawowa, masu gado, masu biyan kuɗin makaranta da sauransu. Da tsoro ya shigo sai wannan ƙofa ta rufe, kowa ya ƙanƙame nasa, masu saye kuma suka ninka. Injin buga sulalla ba ya iya ninka aikinsa cikin mako, kuma ko a 2008 abin da ya tsayar da Amurka ke nan, faifan da ake bugawa a kai ne ya yi ƙaranci har suka dakatar da sayar da Eagle ta gwal a watan Agusta, daga baya suka koma rabo da ƙa'ida.

Shi kuwa allo dalilin faɗuwarsa daban ne. Manyan masu zuba jari da hannayen jarinsu suka karye ana bin su kuɗin cike giɓi, sai suka sayar da abin da ke da saurin sayuwa, gwal na ciki. Su suna zubarwa a sama, mu muna layi a ƙasa.

Game da azurfa akwai lissafi ma a ciki. Gidan buga kuɗin Amurka yana ɗora dala 2 a kan kowace sulalla a lokacin, ko azurfa ta hau ko ta sauka. Dala 2 a kan 18 kashi 11 ne, a kan 12 kuwa ta kusa kashi 17, tun kafin dillali ya taɓa ta.

Ɗan Agadas:
To na ji, amma duk wanda ya saya a lokacin ai ya ci riba. Gwal ya wuce 2,000 a watan Agusta. Ɗorin dala 150 me ya rage masa?

Injiniya Bashir:
A wannan karon an ci sa'a. Mu yi lissafin sulallar Baban Ilham. Ya biya 1,650 allo yana 1,500. Idan ƙura ta lafa, shago zai karɓa a wajen kashi 1 sama da allo. Don ya mayar da uwar kuɗinsa kawai sai allo ya kai kusan 1,634, wato gwal ya tashi da kashi 9 kafin ya ga sisin kwabo. Ɗorin firgici ba ya dawo maka sai in kai ma a cikin firgicin ka sayar.

Ka tambayi waɗanda suka yi rububi a Afrilun 2013, da gwal ya zube da kusan dala 200 cikin kwana biyu na kasuwa. Sun biya ɗori mai kauri, ƙananan Eagle ma suka ƙare a gidan buga su, sannan a ƙarshen Yuni allo ya sauka wajen 1,200, a Disambar 2015 ya kusa 1,050. Ɗori ya tafi, farashi ya bi shi.

Alhaji Tanimu Fordsburg:
Mu nan Johannesburg an kulle gari daga 27 ga Maris, shagunan sulalla duk a rufe, saboda haka ni ban ma samu damar a ɗora mini ba. Amma ina da gyara ɗaya ga masu lissafi. Wani ƙanena ya ɗora Krugerrand a sikeli ya ga giram 33.93, ya buga da kuɗin giram na allo, ya kira ni yana murna wai ƙasa da allo aka sayar masa. Karat 22 ce, gwal ɗin cikinta giram 31.1 ne, sauran jan ƙarfe ne da aka sa don ta yi ƙwari. Da oza guda ake lissafinta, ba da abin da sikeli ya nuna ba.

Hajiya Maman Walida:
To Alhaji, mu da muke saye da naira fa? Ni in na duba waya na buga da canjin banki sai in ga kamar an ɗora mini abin da ya wuce hankali.

Malam Sabo Deira:
Hajiya, ki buga da canjin da mai kawo kayan ya sayi dalarsa, wanda ake yi a Wapa. Sannan sulallar Saudiyya karat 21 ce, kashi 87.5 cikin ɗari, giram takwas ɗinta gwal giram bakwai ne cif. Ki fitar da kuɗin giram bakwai ɗin tukuna, abin da ya hau kai shi ne ɗorinki. Ki gwada da wadda kika saya ta ƙarshe ki gaya mana nawa ya fito, ina son in ji yadda Kano take yanzu.

Ɗan Agadas:
Ni har yanzu ina nan kan bakana. Matatun nan cikin mako biyu suka fara buɗewa, amma ɗorin Eagle ta azurfa bai sauka ba har 2022. Wa zai bayyana mini wannan?