Na sauya IP tun jiya, amma mai warware suna yana ba ni tsohon

Jama'a, ku taimaka mini. Jiya na mayar da shafina kan sabuwar saba, na gyara rikodin A na DNS, na kuma rage TTL daga daƙiƙa 86400 zuwa 300 a lokaci guda. Har yanzu kwamfutata tsohuwar saba take zuwa.

Idan na buga wannan, sabon adireshi nake samu:

```
dig +trace www.example.com
```

A fahimtata, a nan dig ne yake bin sawu da kansa: ya tambayi sabar tushe, ta tura shi wurin masu .com, su kuma su nuna masa sabar da ke riƙe da sunan. Amma idan na cire `+trace`, tambayar tana zuwa ga mai warware suna na kamfanin intanet ɗina, wanda ke yi mini zagayen gaba ɗaya, sai ya dawo da tsohon adireshi, TTL ɗinsa yana raguwa daga wajen 21000.

Shin ajiyarsa ce ba ta ƙare ba, tunda ya ɗauki amsar kafin in rage TTL? Share ajiyar kwamfutata bai canza komai ba. Akwai hanyar tilasta masa ya sake tambaya, ko sai daƙiƙun sun ƙare?