Jerin kalmomi ko zance: yaya baƙo zai koyi Hausa?

Malamin darasin yamma: 'Yan kudu nake koya wa Hausa a Sabon Garin Kano. Ni dai na ce cika allo da kalmomi da fassararsu ɓarnar alli ce. Wa ya yarda?

Malama daga Zariya: Na yarda, Malam. Ɗauki "ci". A jeri ma'ana ɗaya za a ba ɗalibi, ta abinci. Gobe ya ji wane ya ci bashi, wance ta ci jarrabawa, kasuwa tana ci, sai ya yi sororo. Kuma zai ce ya ci mangwaro, alhali shansa muke yi. Kalma da abokan tafiyarta ake koyonta.

Tsohon hedimasta: A yi a hankali. Wanda ya fara jiya da me zai hasashi ma'ana? Paul Nation, masanin koyar da harsuna na jami'ar Victoria a Wellington, ya nuna cewa mai karatu na buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Shi kansa yana goyon bayan ƙananan katuna, kalma a gaba, ma'ana a baya. Aibin jeri shi ne a haddace shi ranar Litinin, a yi gwaji ranar Juma'a, shi ke nan an rabu.

Ɗan kasuwa: Ni ban ga amfanin ajin ba ma. Yaron shagona daga Aba ya zo, a Kantin Kwari ya iya Hausa, ba allo ba littafi.

Malama daga Zariya: Alhaji, ciniki ya iya, don kullum shi yake maimaitawa. Tura shi asibiti ya yi wa likita bayanin ciwonsa ka gani.

Malamin darasin yamma: Ranka ya daɗe, to ga matsalata. "Saya" da "sayar" sun hana ɗalibaina sakat.

Tsohon hedimasta: In rana ɗaya ka ba su, dole su cakuɗe, haka kalmomi masu kama da juna suke yi. Fara da "saya" kaɗai. Jera sabulu, ashana da biredi a tebur, kowa ya zo ya yi ciniki, ya faɗa wa aji: na sayi sabulu, na saye shi naira kaza. Dawo da ita washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, kowane karo da wani kaya. Sannan "sayar da" ta shigo, mai saye ya koma mai tebur. Wajen gwaji kada ka nemi fassara. Tambaye shi me ya sayo jiya. In ya tsaya lalube, yana gane kalmar ne kawai, bai fara aiki da ita ba.

Malama daga Zariya: Baba, ai wannan hanyarmu ce! Ina katin ya shiga?

Tsohon hedimasta: A aljihunsa, tsakanin darasi da darasi.

Malama daga Zariya: To ni sai dai a rubuta jimla a katin. Kalma tsirara ban yarda ba.