Sau nawa ya kamata a wallafa a LinkedIn? Abin da abokan sana'a na Maraɗi suka ce

1. Mafi rinjaye sun tsaya a kan sau ɗaya ko biyu a mako. Mai wallafawa kullum, in ji su, zancensa kan ƙare, ya koma kwafar na wasu, kuma abokan aiki suna ganewa.

2. Abin da ke jawo yarda shi ne aikin da mutum ya yi da hannunsa. Malamin gona ya nuna gonar gero da tsutsa ta kama, ya faɗi matakin da aka ɗauka, kuɗin da aka kashe a sefa, har da inda maganin bai ci ba. Hoton takardar shaidar taro kuwa, barka kawai yake samu.

3. An rabu a kan harshe. Wasu sun ce Faransanci, domin ƙungiyoyin da ke ɗaukar ma'aikata. Wasu sun fi son Hausa saboda abokan ciniki na Katsina da Kano. Ni dai ina ganin sai ka san wanda kake nema tukuna.