Inda nauyi yake bayyana a zanen tafiya

Wasu matasa masu koyon zane mai motsi sun tattauna a Kano kan zanen tafiya, kuma shawararsu ta tsaya a kan tafiya mai taku biyu cikin daƙiƙa ɗaya, wato firam 24, kowane taku firam 12. Firam shi ne hoto ɗaya daga cikin jerin hotunan da ake nunawa a jere don a ga motsi.

Sun ce a fara zana taɓa ƙasa a firam na 1 da na 13, inda diddigen ƙafar gaba ya sauka, ƙafafu suka buɗe sosai, hannun dama kuma ya yi gaba tare da ƙafar hagu a na 1, a na 13 kuma hannun hagu tare da ƙafar dama. Sannan a sa wucewa a na 7, lokacin da ƙafar da aka ɗaga take gifta wadda take ɗauke da jiki, sai tashi sama a na 10, inda mutum yake kan yatsun ƙafarsa.

An fi daɗewa a kan firam na 4, kuma a ganina hakan ya dace, domin a nan ne gwiwa take lanƙwashewa, ƙugu ya sauka, jiki ya karɓi nauyinsa. Wani ya kawo misalin ɗan dako a kasuwar Dawanau da buhun masara a ka: a rage tsawon takunsa, a zurfafa saukar, a kai kowane taku firam 16, kuma kada a bar shi ya tashi sama sosai.

Idan aka ja layi a saman kai a dukkan firam aka ga ya miƙe, mutumin zai zama kamar yana shawagi. A zanen da mutum yake tafiya a wuri ɗaya kuma, idan ƙafar da take ƙasa ba ta ja baya da tazara iri ɗaya a kowane firam ba, za a ga tana zamewa.